Ka Biya Kuɗin Dikoda, Tashar Ba Ta Buɗe Ba: Ina Kuɗin Suka Tsaya?

A da, in kuɗin wata ya ƙare a dikoda, sai mutum ya tashi takanas zuwa shagon dila ya bi layi. Yanzu da waya a hannu, ko ta manhajar banki, ko OPay da PalmPay, ko lambar banki irin *737# ta GTBank da *894# ta First Bank, minti biyu ya isa. Amma duk hanyar da ka bi, tambayar farko ɗaya ce: kawo lambar katin dikodarka. Yawancin rigimar da ake yi da masu POS a kan “na biya ba ta buɗe ba” daga rashin sanin aikin wannan lamba take farawa.

A DStv ana ce mata lambar kati, a allon waya za ka ga an rubuta Smartcard Number. A GOtv kuwa IUC Number ake rubutawa, lambobi 10 ne, suna kan wata jar takarda da aka liƙa a ƙarƙashin dikodar. Ta StarTimes lambobi 11 ce. Tsofaffin dikodoji suna da katin roba da ake zurawa a wata ƙofa, lambar tana bayansa. Sababbi da yawa ba su da katin da za a zaro, an gina shi a cikin na'urar, sai a duba takardar da ke ƙasa ko a shiga bayanan na'ura da rimot. A kula, takardar nan tana ɗauke da lambobi fiye da ɗaya. Akwai lambar ƙira ta ita dikodar, wadda sau da yawa take haɗe da haruffa, kuma ba ita ake biya da ita ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tauraron ɗan'adam ko turken GOtv ba ya aiko wa kowane gida tasharsa daban. Duk tashoshin yake watsowa kowa a lokaci guda, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Arewa24 da Africa Magic Hausa da ƙwallon Firimiya duk suna sauka a kan farantinka ko da rabonka da biya shekara guda. Sai dai a kulle suke zuwa, an dagula hoton da sautin, kuma makullin da ke warware su yana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Katin ne kaɗai ke iya fitar da makullin, shi ma ba ya yi sai an ba shi izini.

Izinin nan shi ake saye da kuɗin wata. Idan ka biya, banki ya sanar da kamfanin cewa lamba kaza ta biya naira kaza. Kamfanin sai ya cusa wani ɗan gajeren saƙo a cikin siginar da yake watsa wa kowa, mai ɗauke da lambar katinka. Kamar sanarwar cigiya ce a rediyo: kowa na ji, amma wanda aka kira sunansa ne kaɗai zai amsa. Katinka ya ga lambarsa, ya karɓi saƙon, ya rubuta cewa an yarje masa tashoshi kaza zuwa rana kaza.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa dilalai ke cewa a bar dikoda a kunne lokacin biya. Dikodar talakawa ji kawai take yi, ba ta iya mayar da magana. Kamfanin bai san ko saƙonsa ya isa ba. In ka biya a kasuwa da rana alhali an ɗauke wuta a gida, ko hadari ya haɗo sigina ta ɗauke, saƙon ya wuce katin bai ji ba. Da daddare ka kunna, ka tarar da E16 a allo, kuɗi kuma sun fita. Ba cinye su aka yi ba. Sai ka kunna dikodar, ka tabbatar akwai sigina, ka buga *288# ko ka shiga manhajar MyDStv ko MyGOtv, ka zaɓi wurin share kuskure, ka sa lambar katin. Abin da ka yi kawai shi ne roƙon a sake aiko saƙon, kuma galibi cikin 'yan mintoci hoto zai dawo.

A nan ya kamata a bambance saƙonnin allo, don kada a yi ta zuba kuɗi a inda ba kuɗi ne matsalar ba. E16 na nufin katin ba shi da izinin wannan tasha, ko wata ya ƙare ko tashar ba ta cikin tsarin da ka saya. E48-32 kuwa sigina ce babu: iska ta karkatar da faranti, waya ta saki, ko ruwan sama ne. Ko ka biya na shekara E48 ba za ta tafi ba, sai sigina ta dawo. Haka in allo ya ce ba a iya karanta kati ba, a kashe na'ura a zaro shi, a goge ɗan zinaren da ke jikinsa da busasshen ƙyalle, a mayar da shi daidai.

Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. A ɗauka, misali, tsarin da Malam yake kai naira 6,000 ne a wata, aka ƙara shi zuwa 6,500 bai ji labari ba. Ya ba yaro 6,000 ya kai wa mai POS, shi kuma ya rubuta adadin da hannu ya tura. Rasit ya fito, alat ya shigo, talabijin na nan da E16. Ko sau goma ya share kuskure ba za ta buɗe ba, domin kuɗin sun shiga asusun katin sun zauna, ba su kai farashin tsarin ba. Mafita biyu ce: ya cika naira 500 sannan ya nemi a sake aiko saƙon, ko ya sauya zuwa tsarin da ke ƙasa, kamar daga Max zuwa Jolli a GOtv, ragowar ta jira wata mai zuwa. Irin haka ke faruwa ga wanda ke son hawa babban tsari: ya tura kuɗin babba amma bai zaɓi sauya tsari ba, sai a sabunta masa ƙaramin da yake kai, a ajiye masa canji. Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi sunan tsarin a cikin jerin da manhaja ta nuna, ta cike farashin da kanta.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na lamba. Bayan ka sa lambar kati, manhaja takan nuna sunan mai asusun kafin ta nemi lambar sirri. Mutane na tsallake wannan allo da sauri, alhali shi ne shinge na ƙarshe. In ka juya lambobi biyu aka yi rashin sa'a suka dace da katin wani, ka biya wa baƙo a wani gari, kuma dawo da kuɗin sai da rasit da zirga-zirga zuwa ofishin kamfanin. Wanda ya sayi dikoda ta hannu zai ga sunan mai ita na farko, don haka ya san sunan tun ranar ciniki, ko ya je a mayar da rajistar da sunansa da lambar wayarsa.

Kwanakin da ka saya suna tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba, ba a rage maka na ranar da babu wuta. Mai yawan tafiya ko wanda unguwarsu ke fama da duhu zai iya duba tsarin StarTimes na kwana ɗaya ko mako guda. Mai biyan wata-wata kuma ya biya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ƙarewa, tun katin yana buɗe, sabon watan zai ɗora a kan tsohon ba tare da an yanke shi ba.