Nawa Ya Kamata Ka Sayi Babur Na Hannu?

Mai sayar da babur na hannu yakan fara ciniki da faɗin nawa ya saye shi. Wannan labari bai shafi mai saye ba. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, akwai baburan da aka yi shekaru ana hawa, amma aka sayar da su sama da kuɗin da aka sayo su sababbi. Don haka lissafi yana farawa ne daga tambaya ɗaya: nawa ake sayar da sabon irinsa a shago yau?

Mu ɗauki Bajaj Boxer, wanda 'yan acaba suka fi so saboda juriya da arahar kayan gyara. A ƙaddara sabo yana naira 1,200,000, wanda aka kawo maka kuma shekararsa uku bisa rasit. Ma'aunin da nake bi shi ne a cire kashi 20 cikin ɗari na shekarar farko, domin da zarar taya ta taka ƙasa ya tashi daga sabo, sannan kashi 10 na abin da ya rage a kowace shekara. Ka ga ya sauko 960,000, sai 864,000, sai kusan 780,000. Wannan kuɗin lafiyayyen babur ne da aka yi wa hawan mutunci. Samfurin da kayan gyaransa ke wuyar samu ya fi haka saurin faɗuwa.

Sai maganar tafiya, inda aka fi cutar mutane. Malamin makarantar da ke yin kilomita 20 a rana, kwana 300 a shekara, zai tara 18,000 a shekara uku. Ɗan acabar da ke yin 100 a rana zai tara 90,000. Shekaru ɗaya, amma inji ɗaya ya yi aikin biyar. Ita kuwa mita ba abin dogaro ba ce. Wayarta na tsinkewa a bar ta haka shekara da shekaru, wani ma da gangan yake cire ta. Idan mita ta nuna 14,000, tsuguna ka dubi robar matakin ƙafa da ta hannu. In sun suɗe sun yi sulɓi, ƙarfen saka giya ya yi ƙyalli don gogewa, kujera ta lotsa har wurin zaman fasinja, ga kariyar baya da alamar walda, to babur ɗin ya ci haya. Sabon fenti a tanki ba ya goge wannan shaida. A irin wannan ina cire kashi 15, domin gajiyar da ke cikin giya da ƙarangashaf wadda ido ba ya gani. Mun dawo wajen 665,000.

Abin da ya rage shi ne gyaran da ke jiranka, kuma shi ba a yi masa kintace. Je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma ku je da sassafe. Fara taɓa injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, alhali inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa. A buga shi a gabanka, kai kuma ka tsaya bayan salansa. Baƙin hayaƙi yawanci matsalar kafireto ce ko matatar iska, gyara mai sauƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa yana nufin injin na shan baƙin mai, sai an taɓa ringi, wataƙila har da fistan. Zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu. In ya yi kauri fiye da ƙima, ana iya zuba irinsa don a danne ƙarar inji. Dubi haƙoran siraket: in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, shi da sarƙa duk sun gama. Daga nan ka hau, ka sassauta riƙo a miƙaƙƙiyar hanya. In yana ja gefe guda, mai yiwuwa ya taɓa yin hatsari, kuma ni ban ba kowa shawarar sayen babur mai karkataccen jiki ba, komai araharsa.

A misalinmu, a ce bakanike ya yi kuɗin tayoyi biyu 40,000, sarƙa da siraket 25,000, ringi da fistan har kuɗin aiki 45,000. An cire 110,000, saura 555,000. Ka fara tayi ƙasa da haka kaɗan, ka kuma tuna la'adar dillali tana cikin abin da zai fita daga aljihunka. In mai shi ya kafe a 700,000, lissafa masa gyaran ɗaya bayan ɗaya. In bai sallama ba, akwai wani babur ɗin a gaba.

Amma kafin kuɗi su bar hannunka, gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce a rasit da sauran takardu, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu. In lamba ta saɓa, ko ka ga alamar an kankare ta, kada ka taya ko sisi.