Mafarkin Zazzaɓi: Shin Jiki Ne Ke Magana?

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ke yawa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mukan ji ɗalibi ya ce ya yi mafarkin gobara, washegari zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ko muna barci, ƙwaƙwalwa tana jin abin da jiki ke ciki. Idan zafinsa ya tashi daga digiri 37 zuwa 38 cikin dare, tana iya mayar da shi mafarkin wuta. Sai dai ɗaki mai zafi ma kan jawo hakan.

To, yaya za mu bambance? Idan mun farka da ciwon kai, kasala ko rawar sanyi, mu je asibiti. Gwajin maleriya ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 a san gaskiya.