Yadda ake toshe ƙofar da wasannin waya ke kwasar kuɗin iyaye

Wasanni irin su Free Fire da PUBG Mobile kyauta ake sauke su. Cinikin yana can ciki: lu'ulu'u, tufafin ɗan wasa, sabuwar bindiga. Idan akwai katin banki a asusun Google ɗin da ke kan wayar, dannawa biyu ta isa kuɗi ya fita, kuma yaro ɗan shekara bakwai bai san bambancin kuɗin wasa da na gaske ba. Sau da yawa sai alat ɗin banki ya shigo kafin maigida ya farga.

Matsalar ta daɗe. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19. Da zarar uba ya sa kalmar sirri sau ɗaya, wayar kan ci gaba da karɓar sayayya ba tambaya, minti 15 a Apple, minti 30 a Google. A wannan ɗan tsakanin yara ke yin ɓarnar.

Har yau zaɓin minti 30 yana nan a Play Store, wanda masu Tecno da Infinix da itel ke amfani da shi. Sai a taɓa hoton asusu a sama, a shiga Payments & subscriptions, sannan Purchase verification, a zaɓi Always. Daga nan kowace sayayya sai an tabbatar da ita. A kula da zanen yatsa: idan an yi rajistar yatsan yaro don buɗe wayar, shi ma zai iya tabbatar da ciniki, don haka gara a bar kalmar sirri kaɗai.

Akwai wurin da ke yaudarar iyaye. A ƙarƙashin Budget & history ana iya rubuta kasafin wata, a ce naira 5,000. Wannan lissafi kawai yake yi. Ko an zarce adadin, ciniki zai wuce. Wanda ke son iyaka ta gaske sai ya cire babban katinsa daga wayar, ya sa wani daban mai ɗan abin da ya yarda a kashe.

Idan yaron yana da nasa asusun, manhajar Family Link kan turo wa iyaye buƙatar amincewa kafin a saya ta Google Play. A iPhone kuwa, a Screen Time ake shiga Content & Privacy Restrictions, sai iTunes & App Store Purchases, a mayar da In-app Purchases zuwa Don't Allow.

In kuɗin ya riga ya fita, a hanzarta. Google ya fi sauraron buƙatar mayar da kuɗi cikin awa 48 da sayayya, masu iPhone kuma su kai kokensu a reportaproblem.apple.com.