Yadda Rainon Yaro Ke Bin Sa Har Dakin Aure

A shekarun 1960, masaniyar halayyar dan Adam Mary Ainsworth ta tsara wani gwaji a Baltimore ta Amurka. Ana shigar da uwa da danta mai kimanin shekara daya wani daki, uwar ta fita na 'yan mintoci, sannan ta dawo. Abin da aka fi lura da shi shi ne yadda yaron ke tarbar uwarsa.

Yaron da ya saba samun kulawa idan ya yi kuka yakan nufi uwar, ta rarrashe shi, ya koma wasa. Wani yakan kawar da kai kamar bai damu ba. Wani kuma ya makale mata yana ture ta, ya ki rarrasuwa.

A 1987, Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa ana ganin irin wadannan halaye a soyayyar manya. A dauki matar da hankalinta ke tashi idan miji bai amsa waya ba, ta yi ta kira. Shi kuwa ya taso yana boye damuwarsa, sai ya kara yin shiru. Shirunsa na kara mata tsoro, kiranta na kara korar sa.

Amma kada a dora wa uwa laifin komai. Alakar rainon kuruciya da halin girma ba ta da karfi sosai, kuma zama da abokin rayuwa mai natsuwa yakan sauya mutum.