Lambobin Matakai a Da'irar Dijital: Bainari, Wan-hot ko Gire?

Fitilar ba da hannu da injin wanki suna aiki ne mataki-mataki, kuma dole da'irar da ke sarrafa su ta riƙa tuna matakin da take ciki. Tana ajiye wannan bayani a ƙananan ma'adanai da ake kira filif-fulof, kowanne yana riƙe 0 ko 1. Aikin injiniya shi ne ya ba kowane mataki lambarsa, kuma zaɓin da ya yi yana shafar saurin da'irar da girmanta.

A ɗauki na'ura mai matakai 8. A tsarin bainari, filif-fulof 3 sun wadatar, daga `000` zuwa `111`. An yi tsimin ma'adanai, amma kafin da'ira ta gane tana mataki na biyar sai ta duba dukkan ukun ta haɗa amsarsu. Yayin da matakai ke ƙaruwa, ƙofofin da ke wannan bincike suna yawa, sigina kuma tana daɗewa a hanya, sai a tilasta rage gudun agogon da'irar.

Tsarin wan-hot yana ba kowane mataki filif-fulof nasa: takwas ke nan, ɗaya kaɗai ke kunne a lokaci guda, kamar `00010000`. Duba waya ɗaya ya isa a san matakin, shi ya sa ya fi sauri. A kan FPGA, inda filif-fulof ke jibge ko an yi amfani da su ko ba a yi ba, yawanci shi ne zaɓin da ya dace. A manhajar Vivado ana neman sa haka:

```verilog
(* fsm_encoding = "one_hot" *) reg [7:0] state;
```

Sai dai yana da hatsarin da bai kamata a raina ba. Ma'adanai 8 na iya ɗaukar lambobi 256, takwas ne kawai halattattu. In tangarɗa ta kashe duka, ko ta kunna biyu, na'urar na iya daskarewa har sai an sake tayar da ita. Wajibi ne a gina mata hanyar komawa matakin farko.

Tsarin Gire, mai sunan Frank Gray na Bell Labs, yana cin ma'adanai 3 kamar bainari, amma lamba ɗaya ce ke sauyawa tsakanin maƙwabta: `000`, `001`, `011`, `010`, `110`. A bainari, tsallakawa daga `011` zuwa `100` na sauya ukun gaba ɗaya, kuma da yake ba sa isowa tare, wata da'ira mai agogo daban na iya karanta lambar ƙarya. Gire na kawar da wannan, yana kuma rage cin wuta. Amfaninsa ya tsaya ga matakan da ke bin juna a jere. Da zarar rassa sun yi yawa, ba za a iya sa kowane tsallake ya sauya lamba ɗaya ba.

Inda filif-fulof ke da ƙaranci, kamar a CPLD, ko matakai suka kai ɗaruruwa, bainari ne ya fi dacewa.