Yadda Ake Tunin Kuɗin Aiki Ba Tare da an Ɓata ba

A ce tela ne ya ɗinka wa wata makarantar kuɗi kayan ɗalibai saiti 120, kowanne a kan naira 4,500. Jimla 540,000 ke nan. An ba shi kafin alƙalami 200,000, ya kai kaya tare da takardar neman biya, aka yi alkawarin ciko cikin mako biyu. Yau mako biyar, shiru.

Kafin ya ce uffan, ya fara duba asusunsa na banki da kyau, domin wani lokaci kuɗi kan shiga ba tare da alat ya zo ba. Ya kuma tabbatar lambar asusun da ya rubuta a takardar daidai take.

Sau da yawa jinkiri irin wannan ba mugun nufi ba ne. Takardar na iya maƙalewa a teburin akawu tana jiran sa hannun mai makaranta, ko makarantar tana jiran iyaye su biya kuɗin zango. Shi ya sa saƙon da ke cewa "Hajiya, ina maganarmu?" ba ya kai ko'ina. Za ta amsa da "in sha Allahu", magana ta mutu. Saƙo mai amfani shi ne wanda zai ba ta duk abin da take bukata ta biya nan take, ga misali:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan an wuni lafiya, ya ɗalibai? Tuni nake yi game da kayan makaranta saiti 120 da muka kawo ranar 3 ga wata. Cikon da ya rage naira 340,000 ne, ga hoton takardar na sake turowa da lambar asusu. Idan akwai gyara a kayan ko a lissafin, a sanar da ni. Don Allah wace rana zan sa rai? Na gode, Allah ya ƙara girma."

Tambayar ranar ita ce ƙashin bayan saƙon. Ba a zargi kowa ba, amma an nemi amsar da za a riƙe. A ganina bai kamata tela ya cika saƙon da ban haƙuri ko labarin kuɗin hayar da ke kansa ba. Haƙƙinsa yake nema, kuma yawan kukan talauci kan mayar da haƙƙi tamkar alfarma.

Amsar ce za ta nuna inda aka dosa. Wanda ya ce "zan ba da rabi ranar Juma'a, sauran ƙarshen wata" yana da niyya, sai a karɓa, a nemi ya rubuto hakan a saƙo. Wanda kuwa sai yanzu ya tuna ɗinkin bai yi ba, bayan ɗalibai sun yi wata suna sawa, to a yi hattara da shi.

In mako guda ya wuce babu amsa, a kira waya, sannan a je da ƙafa, a keɓe a yi magana, ba a gaban malamai ko iyaye ba. Kada kuma a karɓi sabon aiki daga hannunsu sai tsohon ya fita.