Hoton damina mara gajimare: abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa

Wanda ya taɓa neman hoton tauraron ɗan'adam na gonakin Kura ko fadamar Hadejia a watan Agusta ya san yadda ake ƙarewa. Za ka buɗe hoto bayan hoto, kowanne fari fat kamar an shanya auduga, sai ɗan ɓangaren ƙasa da ke leƙowa ta wata kafa. Amma a rahotannin da ake fitarwa yanzu kan noma da ambaliya, sai ka ga taswirar damina tas, ko ƙyallin girgije babu. Irin wannan hoton ba a rana ɗaya aka ɗauke shi ba. Ɗinka shi aka yi daga hotuna da yawa, kuma wannan ɗinki ya zama ruwan dare cikin shekaru goman da suka wuce.

Abin da ya kawo haka shi ne hotuna sun yawaita, kuma sun zama kyauta. A 2008 hukumar USGS ta Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat ga kowa. Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2A a 2015, ta bi shi da Sentinel-2B a 2017, su biyun suka riƙa komawa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, kowane ɗigon hoto yana wakiltar fili mita 10 kan mita 10. Sannan dandali irin Google Earth Engine ya sauke wa mai bincike nauyin sauko da manyan fayiloli. Ɗalibi a Zariya, da ƴar kwamfutarsa da datar waya, yana iya haɗa hotunan wata biyu cikin mintuna.

Aikin mataki biyu ne. Da farko a rufe duk ɗigon da gajimare ko inuwarsa ya ɓata. Hotunan Sentinel-2 da aka riga aka gyara suna zuwa da wani shafi mai suna SCL, wanda ya ba kowane ɗigo lamba: 3 inuwar gajimare, 8 da 9 gajimare, 10 siririn gajimaren can sama da ido ba ya cika gani. Bayan an zubar da waɗannan, sai a jera sauran hotunan kamar faifai kan faifai, a kowane ɗigo a ɗauki ƙimar da ta faɗo tsakiya.

```
var s2 = ee.ImageCollection('COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED')
  .filterBounds(fili).filterDate('2023-08-01', '2023-10-01')
  .map(function(h) {
    var k = h.select('SCL');
    return h.updateMask(k.neq(3).and(k.neq(8)).and(k.neq(9)).and(k.neq(10)));
  });
var hoto = s2.median();
var adadi = s2.select('B4').count();
```

Me ya sa ake ɗaukar ta tsakiya, ba a tara a raba ba? Domin rariyar SCL ba ta tace duka. A ce ɗigo ɗaya ya ba da haske 400, 450, 500, 520, sai ranar da wani gajimare ya sulale aka sami 4000. In aka tara aka raba biyar, 1174 za a samu, lambar da ba ta gonar ba ce, ba ta gajimaren ba. Ta tsakiya kuwa 500 ce, ɓarawon bai shiga lissafi ba. Wannan dabara tana aiki muddin ranakun kirki sun fi gurɓatattu yawa. A tsakiyar marka ba kullum ake samun haka ba.

Ita kanta rariyar tana kuskure ta fuska biyu. Sentinel-2 ba shi da ma'aunin zafi irin na Landsat, wanda ke gane gajimare da sanyinsa, don haka da haske da launi yake hukunci. Rufin kwano mai ƙyalli a birnin Kano da farin yashin bakin kogi sukan faɗa cikin tarko, a share su a matsayin gajimare. Inuwa ta fi wuya. Tauraron yana wucewa da hantsi, rana tana gabas, inuwa ta faɗa yamma da gajimaren. In gajimaren ya kai kilomita biyu a sama, inuwarsa a Agusta kan yi nisan kusan mita 700 daga gare shi. Inuwa baƙa ce, ruwan kwance ma baƙi ne. A ƙasar fadama wannan kamanni yana sa a zana tafki inda babu, ko a goge tafkin da ke akwai.

Duk wannan gyaruwa yake yi, kuma sababbin hanyoyin tantance gajimare sun fi SCL ƙwarewa. Babbar asarar, a ganina, tana wani wurin dabam: hoton da aka ɗinka ba shi da kwanan wata.

Mu ɗauki misalin gonar shinkafa a bakin kogin Hadejia, daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Tauraro zai wuce kusan sau goma sha biyu. A ce bakwai sun tafi da gajimare, biyar suka rage. Ma'aunin koren tsiro, NDVI, ya ba da 0.48 a farkon Agusta, 0.61, sannan 0.66 shinkafa ta yi bul. Sai kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shanye gonar, aka sami -0.05. Da ruwa ya janye, laka da ruɓaɓɓen kara suka ba da 0.20. Jera su daga ƙarami zuwa babba, ta tsakiya 0.48 ce. A taswira gonar za ta fito koriya, shuka na tafiya daidai, alhali mai ita ko buhu ɗaya bai kai gida ba. Dabarar da ta jefar da gajimare saboda ya fita dabam, ita ce ta jefar da ambaliyar saboda wannan dalili. Masu zaɓen ɗigon da ya fi kore a duk tsawon lokacin sun fi shiga uku, domin su 0.66 za su gani.

Akwai kuma son kai da ke ɓoye cikin zaɓin ranaku. Ranakun da sama ta washe su ne galibi ranakun da ruwa ya ɗauke, saboda haka damina takan fito a hoton da bushewa fiye da yadda take. Gona biyu maƙwabta kuma, ɗaya ƙimarta ta fito daga hotunan Agusta, ɗayar daga na ƙarshen Satumba, sai a ga layi ya raba su kamar faci a riga. Wanda bai sani ba zai ce bambancin taki ne ko iri.

Shi ya sa layin ƙarshe na umarnin can sama, wanda yawancin mutane ba sa rubutawa, ya fi sauran daraja. Yana ƙirga sau nawa aka ga kowane ɗigo a sarari. Inda adadin ya tsaya ɗaya ko biyu, babu wata tsakiya da za a yi magana a kai, sa'a ce kawai. Faɗaɗa tazarar zuwa wata huɗu zai cike ramukan, amma ya cuɗe shuka da girbi. Matse ta zuwa kwana goma sha biyar zai riƙe gaskiyar lokaci, ya bar ramuka. Inda tambayar ta ruwa ce, gara a koma ga Sentinel-1, wanda ke aiki da radar, yana ratsa gajimare dare da rana, ruwa mai kwanciya yana fitowa baƙi a hotonsa.

Don zana iyakar daji, faɗin gari, ko sanin inda aka noma da inda aka bari, hoton da aka ɗinka ya wadatar, kuma ya kawo sauƙin da a da ba a yi mafarkinsa ba. Don ƙiyasta ɓarnar ambaliya ko tantance wanda za a biya diyya, bai isa hujja shi kaɗai ba. Duk jami'in da aka miƙa wa irin wannan taswira, kafin ya sa hannu, ya tambayi kwanakin da aka haɗa, ya kuma nemi a nuna masa taswirar adadin gani tare da ita.